SPT ko firesiyometir: da wanne za a lissafa nauyin da turken beto zai ɗauka a ƙasar Damagaram?

Turken da ake haƙa rami, a saka kejin ƙarfe, a zuba beto, yana ɗaukar nauyi ta wuri biyu. Akwai riƙon da ƙasa ke yi wa jikinsa daga sama har ƙasa, akwai kuma tokarar da gindinsa ke samu a inda ya zauna. Kowace hanyar lissafi daga nan take farawa:

```
Qu = Qs + Qb
Qs = Σ (π · D · Li · fi)
Qb = (π · D² / 4) · qb
```

Qu shi ne jimlar ƙarfin turken, Qs na jiki, Qb na gindi, D faɗin turken, Li kuma kaurin kowace shimfiɗar ƙasa. Saɓanin yana wurin samo fi, wato riƙon kowace shimfiɗa a kan kowane murabba'in mita na jikin turke, da kuma qb, wato tokarar kowane murabba'in mita na gindi. A Zinder hanyoyi biyu ne ke haɗuwa. Wanda ya yi karatu a tsarin Faransa zai nemi gwajin firesiyometir na Ménard, wato hura roba cikin rami don auna matsin da ƙasa ke jurewa, ya yi lissafi da ƙa'idar NF P 94-262 ta shekarar 2012, ko Fascicule 62 na 1993 da ya gabace ta. Wanda ya saba aiki da injiniyoyin Kano zai nemi gwajin SPT, wato ƙirga bugun guduma da ke tura bututu cikin ƙasa, da na laboratuwar, ya bi hanyar α da β, yawanci yadda O'Neill da Reese suka tsara ta a 1999. Tun ranar da za a yi odar sondaji, wato haƙan binciken ƙasa, ake yin zaɓin, domin idan mota ta tattara kayanta ta tafi, abin da aka auna shi kaɗai ke hannu.

Bari mu ɗora duka biyun a kan turke ɗaya. Alƙaluman nan na tsara su ne don misali, amma jerin ƙasar irin wanda ake iya tararwa ne a kwarin da ke tsakanin duwatsun garin. A ce shato za a gina, a kan turaku masu faɗin mita 0.6 da zurfin mita 12, ana haƙa da ruwan bantonit don kada ramin ya rufta. Mita 2 na sama ciko ne da sakakken rairayi, ba za mu ƙirga musu komai ba. Daga mita 2 zuwa 6 rairayi ne mai ɗan dankarewa, SPT ya ba da 18, firesiyometir ya ba da 1.0 MPa. Daga 6 zuwa 9 laka ce mai tauri, ƙarfinta a laboratuwar 100 kPa, firesiyometir 0.8 MPa. Daga 9 zuwa ƙasa ruɓaɓɓen dutse ne, wato giranit ɗin da ya lalace a inda yake har ya koma kamar yashi mai kaushi, SPT 45, firesiyometir 3.0 MPa. Kewayen turken mita 1.885 ne, faɗin gindinsa murabba'in mita 0.283.

Hanyar SPT tana kallon rairayi ta fuskar nauyin ƙasar da ke bisa. Gwargwadon yadda ƙasar sama ta danne, gwargwadon yadda rairayin zai matse jikin turken. Laka kuma ana ɗaukar wani kaso ne na ƙarfinta.

```
f  = β · σ'v      β = 1.5 − 0.245 · √z
f  = α · cu       α = 0.55
qb = 57.5 · N60   (kPa)
```

A nan σ'v danniyar ƙasar sama ce, z zurfi ne a mita, cu ƙarfin laka, N60 kuma ƙirgan SPT. A ce lokacin sondaji ruwa yana mita 6, ƙasar da ke bisa ruwa tana da nauyin 18 kN a kowane kubik, ta cikin ruwa kuma saura 10 bayan an cire abin da ruwa ke tallafewa. A tsakiyar rairayin, wato mita 4, danniyar 72 kPa ce, β kuma 1.01, riƙon ya zama kusan 73 kPa. Idan aka ninka da kewaye da tsawon mita 4, an samu 548 kN. Lakar ta ba da 55 kPa, a mita 3 ta zama 311 kN. Ruɓaɓɓen dutsen, idan aka ɗauke shi a matsayin rairayi, danniya a tsakiyarsa 153 kPa ce, β ya sauka zuwa 0.71, riƙon 108 kPa, jimla 611 kN. Jikin turken gaba ɗaya 1470 kN ke nan. Gindi kuwa 57.5 sau 45, wajen 2590 kPa, wanda ya zama 732 kN. Duka 2200 kN. A raba da 2.5 don tsaro, turken zai ɗauki 880 kN, kusan ton 90.

To amma wannan ruwan na mita 6 na wane wata ne? A nan ne hanyar β ke nuna alherinta da kuma haɗarinta. Garin da dutse ke kusa da sama, ruwan damina ba ya da inda zai nutse da sauri, sai ya kwanta bisa laka ko bisa dutsen, musamman kusa da tabki. Idan a watan Agusta ruwan ya hau har mita 2, danniya a mita 4 ta sauka zuwa 56 kPa, ta ruɓaɓɓen dutsen zuwa 121. Rairayin ya koma 426 kN, ruɓaɓɓen dutsen 483 kN, jimlar turken 1950 kN, nauyin aiki 780 kN. Ton 10 sun tafi ba tare da an taɓa ƙasar ba. Wanda ya yi sondaji a watan Afrilu ya rubuta ruwan ranar a lissafinsa, ya yi wa kansa ƙari. Amfanin hanyar shi ne tana tilasta maka ka yi wannan tambayar, kuma tana ba ka amsa da alƙalami.

Firesiyometir ba ya bi ta nauyin ƙasar sama. Ana zura wata roba mai faɗin kamar santimita 6 cikin ramin sondaji, a hura ta mataki-mataki, ana karanta yadda bangon ramin ke buɗewa, har a kai matsin da ƙasar ta sallama. Wannan matsin, bayan an cire wanda ƙasar ke da shi tun asali, shi ne pl*. Ana maimaitawa kowace mita ɗaya ko ɗaya da rabi. Daga nan ƙa'idar ta ce:

```
qs   = α · fsol
fsol = (a · pl* + b) · (1 − e^(−c · pl*))
qb   = kp · ple*
```

A nan qs riƙon jiki ne, ple* matsakaicin pl* ne a kewayen gindi. Lambobin a, b, c da kp sun dogara ga jinsin ƙasar. Shi kuma α na nan daban yake da na laka da muka gani a sama. Wannan yana duba jinsin ƙasa da yadda aka haƙa turken. A rairayi a, b, c su ne 0.01, 0.06 da 1.2, don haka pl* na 1.0 MPa ya ba da fsol na 49 kPa. Turken da aka haƙa da bantonit yana da α na 1.4 a rairayi, riƙon ya zama 68 kPa, jimla 513 kN. A laka lambobin 0.003, 0.04 da 3.5 ne, fsol 40 kPa, α 1.25, riƙon 50 kPa, jimla 283 kN. Har zuwa nan hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, 513 da 548, 283 da 311. Babu abin gardama.

Gardamar tana shimfiɗa ta uku. Ƙa'idar tana so ka faɗa mata sunan ƙasar kafin ta ba ka lamba, ruɓaɓɓen giranit kuwa yana iya shiga layi biyu. Idan ka kira shi rairayi, fsol ya zama 88 kPa, sau 1.4 ya kai 123, sai dai ƙa'idar ta kafa iyaka a 90 kPa, don haka 509 kN kawai za ka rubuta. Gindi kuma kp na 1.1 ne, sau 3000 kPa, ya ba da 934 kN. Jimlar turken 2240 kN, kusan daidai da 2200 na SPT. Idan kuwa ka kira shi lalataccen dutse, lambobin sun koma 0.01, 0.08 da 3, α ya zama 1.6, riƙon ya tashi zuwa 176 kPa, wato 995 kN. Shi ma kp ya koma 1.45, gindi ya ba da 1231 kN. Jimla 3020 kN. Gwajin bai canja ba, ramin bai canja ba, kalma ɗaya a rahoton sondaji ta ƙara kusan kashi 35 cikin ɗari.

Saboda haka ni ba na yarda da sunan da ke takarda sai na ga abin da ya fito daga rami. A ɗebo dunƙulen da ya fito daga mita 10, a duba. Sau da yawa yana nan da kamannin giranit sak, da ɗigo-ɗigon fari da baƙi da ruwan hoda, har mutum ya rantse dutse ne. A murza shi a tafin hannu. Idan ya wargaje ya bar tsakuwar ƙanƙara mai kaifi da farin gari mai santsi a yatsu, to ƙwayoyin da ke haɗa shi sun riga sun koma laka. A jefa wani guntun cikin bokitin ruwa. Wanda ya narke cikin ƴan mintoci rairayi ne a lissafi, ko da me aka kira shi a rahoto. Layin dutse sai ga wanda ya fito a dunƙule daga injin yanka, ya kwana a ruwa bai saki ba, sai da guduma ya fashe. Tsofaffin masu haƙar rijiya na garin nan sun san wannan bambancin da hannu tun kafin a zo da takarda. Za ka ji ɗayansu ya ce, "Injiniya, wannan ai bai kai dutse ba, diga na cinsa." Maganarsa ta fi layin da aka cike a biro.

SPT ma ba ta tsira a wannan shimfiɗar ba, ta wata fuskar ce kawai take tuntuɓe. Gwajin gudumar kilo 63.5 ne da ake saki daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugun da ya tura bututun santimita 30 na ƙarshe. A ruɓaɓɓen dutse ƙirgan kan kai 50 da wuri a tsaya, daga nan kuma duk ƙasar ta zama ɗaya a takarda, mai tauri da mai tsananin tauri. Dabarar β da ta 57.5 an yi su ne don ƙasar da ba ta wuce 50 ba, kuma qb yana da iyaka wajen 2.9 MPa. Misalinmu na 45 a bakin gaɓa yake. Firesiyometir kuwa yana ci gaba da bambancewa har 5 MPa da kayan yau da kullum. Inda mafi yawan ƙarfin turke ke fitowa daga ruɓaɓɓen dutse, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Akwai kuma tarkon da duka biyun ke faɗawa. Manyan duwatsun nan masu sulɓi da ake gani jibge a Birni, irinsu suna nan binne a ƙarƙashin ƙasa, kowanne kewaye da ruɓaɓɓen da ba shi da sauran ƙarfi. Sondaji ya ci karo da ɗaya a mita 11, aka rubuta an kai dutse, aka tsaya. Alhali ƙwallo ne mai kaurin mita ɗaya, ƙarƙashinsa kuma ruɓaɓɓe ne mai laushi. Maganin ɗaya ne ko wace hanya aka zaɓa: sondaji ya wuce inda gindin turke zai zauna da aƙalla mita 5, idan an haɗu da dutse a yanka shi a ga ko ya ci gaba. Ƙa'idar Faransa ma da kanta tana nuna haka, domin ple* ba lambar wuri ɗaya ba ce. Ga turkenmu, matsakaicin pl* ne daga mita 11.5 zuwa 13.5. Wanda ya tsayar da sondajinsa a mita 12 ba shi da abin da zai cike wannan gurbin da shi sai zato. Kuma saman dutse a irin wannan ƙasa hawa da sauka yake. Rami ɗaya a tsakiyar fili ba ya wakiltar turakun da ke kusurwa.

Yanzu batun nauyin aiki, inda mutane kan ruɗe. Jimlar ƙarshe ta hanyoyin biyu ta zo kusa, 2200 da 2240, amma ba iri ɗaya ake rage su ba. Hanyar SPT ta gargajiya tana raba jimlar duka da 2.5 ko 3. Ƙa'idar Faransa tana ware jiki daga gindi tukuna. Ga turken da aka haƙa, tana ɗaukar 0.7 na jiki da 0.5 na gindi, wanda a misalinmu ya zama 1380 kN, sannan ta raba da 1.15, da 1.1, da kuma wani 1.1 don nauyin da ke zaune kullum. Abin da ya rage wajen 990 kN ne. Ke nan firesiyometir ya yarda da ton 100, SPT ta yarda da kusan 80 zuwa 90. A shaton da nauyinsa ya kai 8000 kN, bambancin turke 8 ko 9 ne da turke 10 ko 11.

Dalilin fifita jiki a kan gindi yana da tushe. Riƙon jiki yana cika da ɗan motsi kaɗan, kamar rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin turke, wato milimita 3 zuwa 6 a namu. Gindi kuwa sai turken ya nutse kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, milimita 30 zuwa 60, kafin ya ba da abin da aka lissafa masa. Kamar mutum biyu ne ɗauke da buhu, na gaba ya riga ya sa kafaɗa, na baya bai sunkuya ba tukuna. A nauyin 900 kN, jikin turkenmu mai 1300 zuwa 1470 kN shi ke ɗauke da kusan komai. Wannan ne ya sa nake ganin tsarin Faransa ya fi kama da yadda turken ke aiki a zahiri. Abin da ba ya halatta shi ne gauraya: a ɗauko riƙon jiki daga hanyar da ta fi ba da yawa, gindi daga ɗayar, sannan a rage da lambobin tsaron da suka fi sauƙi. Kowace hanya an daidaita lambobin tsaronta ne da nata kurakuran.

Gindin ma, duk abin da aka rubuta masa, sharaɗinsa tsabta. Bayan an gama haƙa, rairayin da ke yawo cikin bantonit yakan kwanta a ƙasan ramin yayin da ake fama da kejin ƙarfe ko ake jiran motar beto. A auna zurfin da igiya mai nauyi a baki da zarar an gama haƙa, a sake aunawa dab da zuba. Idan ta farko ta nuna mita 12, ta biyu ta nuna 11.8, kuma nauyin ya sauka lumus babu ƙarar taɓa abu mai tauri, to santimita 20 na taɓo ne turken zai zauna a kai. Sai an share. In ba za a iya tabbatar da shara a shantiyen ba, gara a cire gindi daga lissafi, a ƙara tsawon turken a nemi ƙarfin daga jiki.

Wani wurin da firesiyometir ya yi fice shi ne kula da yadda aka haƙa. Idan ɗan kwangila ya sa bututun ƙarfe don tare rairayin sannan ya zare shi lokacin zuba, α yana nan 1.4. Idan bututun ya maƙale aka bar shi a ciki, α na rairayi ya faɗi zuwa 0.6, riƙon ya sauka daga 68 zuwa 29 kPa, domin yanzu ƙarfe mai santsi ne ke gogar ƙasa maimakon beto mai kaushi. Dabarar β ba ta da gurbin wannan, sai injiniya ya rage da hankalinsa.

Sai dai firesiyometir yana da nasa rauni, kuma a hannun ma'aikaci yake. Gwajin bangon rami yake aunawa, don haka idan ramin ya yi faɗi, ko an dagula bangonsa da ruwa mai ƙarfi, ko an bar shi ya daɗe a buɗe, lambar ta lalace. Busasshen rairayi, wanda ke zuba da kansa, shi ne mafi wahala. Ana gane matsalar a zanen gwajin: robar ta sha ruwa mai yawa kafin ta taɓa bango, matsi bai tashi ba na dogon lokaci, aka ƙare ba a kai matsin sallamawa ba. A nemi zanen kowane gwaji, kada a karɓi jadawalin pl* kaɗai. Kayan ma suna da laulayi, robobi na fashewa a tsakuwa mai kaifi, ana buƙatar tulun iskar gas, kuma yawanci daga nesa ake kawo su. SPT ta fi juriya da araha, tana kuma fito da samfurin ƙasa a kowane gwaji, abin da firesiyometir ba ya yi. Nata sharaɗin shi ne a san ƙarfin gudumar. N60 na nufin an gyara ƙirgan zuwa kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin faɗuwar. Gudumar da ake ja da igiya a hannu, idan igiyar na cin ƙarfin, tana ƙara yawan bugu, ƙasar ta fito a takarda ta fi yadda take.

Kada kuma a ɗauka cewa tunda babu zurfin ruwa a dabarar firesiyometir, damina ba ta shafe shi ba. Rairayin da iska ta tara, mai ɗan laka tsakanin ƙwayoyinsa, yana da tauri a rani, ya saki idan ya jiƙa. Gwajin da aka yi a Afrilu ƙarfin Afrilu ya auna, ko SPT ne ko firesiyometir. Bambancin shi ne β na ba ka hanyar gyara wani ɓangare na abin, ɗayan kuma sai ka rage pl* na shimfiɗun sama da kanka ko ka maimaita gwajin bayan ruwa ya sauka.

Idan takardun kwangila ko masu kwantarol sun ambaci ƙa'idar Faransa, magana ta ƙare, firesiyometir za a yi, domin ba za su karɓi pl* da aka juyo daga SPT ba a babban aiki, kuma suna da gaskiya. Idan zaɓin a hannunka yake, duba inda ƙarfin zai fito. Turakun da za su shiga ruɓaɓɓen dutse, ga nauyi mai yawa, ga turaku da dama, firesiyometir ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin a haɗa shi da rami ɗaya na yanka don a ga ƙasar da ido, a kuma lissafa shimfiɗar a matsayin rairayi har sai samfurin ya nuna akasin haka. Turaku kaɗan a wurin da rairayi da laka suka yi kauri, kamar kwarurukan kudu wajen Korama, SPT da gwajin laka sun wadatar, a sa ruwa a matsayinsa na damina, a raba da 3 idan ba za a yi gwajin ɗora nauyi ba. Inda aka samu sakamakon duka biyun, a lissafa kowanne shi kaɗai har ƙarshe, sannan a jera su shimfiɗa bayan shimfiɗa kamar yadda muka yi. Shimfiɗar da suka saɓa da fiye da kashi ɗaya cikin uku, a koma kan samfurinta da zanen gwajinta kafin a yanke tsawon turke. Idan har yanzu ana so a ci moriyar 3020 kN ɗin nan na layin dutse, sai a haƙa turken gwaji guda, a ɗora masa nauyi mataki-mataki ana auna nutsewarsa, kafin a fara sauran.